Dubu 80 gare ni: allon suna zan canja ko gilashin gaban shago zan gyara kafin Sallah?

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa, a ba ni shawara. Shagona na atamfa, leshi da kayan yara ne a Zoo Road nan Kano, faɗinsa ƙafa 10, gilashi ɗaya ne a gaba kuma yamma yake kallo. Allon sunan ya koɗe har lambar waya ba ta karantuwa, azumi saura sati biyu, dubu 80 na ware ba ƙari. Wanne zan fara?

Ɗan Kwari: Hajiya ki zubo kaya waje kawai, mu a Kantin Kwari wa ya san wani allo, kaya ne ke kiran mai saye.

Mai Fenti: Kwari da ƙafa ake shigarta, ita kuwa a bakin titi take, masu wucewa a mota suke ko a adaidaita. Hajiya raba kuɗin. Allon bana na leda mai ƙafa 10 da 3 ya ishe ki, kuma abu uku kawai za a rubuta: sunan shago, abin da kike sayarwa, lambar waya ɗaya. Mu lissafinmu duk ƙafa 10 na nisa harafi yana son inci ɗaya, to in kina so na tsallaken titi ya karanta kar sunan ya gaza inci 6. Farin rubutu a kan shuɗi mai duhu, ban da ja a kan kore, da magariba ta yi haɗewa suke. Kar ki yarda mai zanen ya cika miki da hotuna, wurin rubutu suke cinyewa. Sai fitila biyu a sama suna haska allon, don cinikin azumi bayan an sha ruwa yake tashi.

Auta: Dubu 15 aka yi min nawa.

Hajiyar Leshi: Wane dubu 15, ni 45 na biya. Amma bar ta allo, gilashin nan mai kallon yamma shi ne abin tsoro. Bara na jera turamen atamfa masu tsada a gilashi tun farkon azumi, ranar la'asar tana dukansu kullum ban lura ba, sai da wata ta zo ta zaɓa muka warware turmi muka ga layi fari fat a daidai ninkin, daga sama har ƙasa, na duba sauran duk haka, leshi mai ruwan hoda kuwa ya koma kamar an wanke shi sau goma. Da asara na sayar, wasu ma 'yan gida na rabawa, har yau in na tuna raina ɓaci yake wallahi, ribar Sallar gaba ɗaya a nan ta tafi.

Maman Biyu: Subhanallahi, Allah ya mayar da alheri Anti. To kada in sa komai kenan?

Hajiyar Leshi: Sa yankakken yadi ko ragowar turmi, ba cikakke ba, ki dinga canjawa duk kwana biyu, da azahar ki sauke labule ko ki yi rumfa.

Mai Fenti: Na 15 ledar kawai aka buga masa, na 45 har da ƙarfe da walda. A gilashin kuma kaya kala uku sun isa, a daidai idon mutum, bayansu ki sa farin yadi don kada hayaniyar cikin shago ta cinye su. Fitila fara za ki sa, mai ruwan ɗorawa tana sauya kalar kaya, a je gida a dawo miki da shi.

Auta: Da ƙarfensa fa malam, ba ka gani ba kake yanke hukunci.

Ɗan Kwari: Mai sayar da allo ai dole ya ce a yi allo.

Uwar Gida: Ni dai mai saye ce, in ban ga farashi a jikin kaya ba bana shiga. Kuma goman ƙarshe ki cire atamfa ki sa kayan yara, lokacin teloli sun daina karɓar ɗinki. In za ki sa mutum-mutumi ki nemi mara kai, tun 2021 Hisba ta hana masu kai a Kano.

Auta: Shi mara kan a ina za a ɗora masa hular Sallah 😂

Hajiyar Leshi: Farashi a gilashi? Maƙwabcinki ya gani ya rage ɗari biyar ya kwashe miki mutane.

Uwar Gida: To sai ki sa a kan abu ɗaya mai sauƙi mana.

Ɗan Kwari: Duk ku gama gyaran, goman ƙarshe masu tebur za su zo su kafa a ƙofarki su tare gilashin, ka yi magana a ce ba ka son talaka ya ci abinci.

Hajiyar Leshi: Kai ka san wannan! Ni mai takalma ne ya tare ni har daren Sallah, ga masu rasit suna ganin sabon allo za su zo karɓar kuɗinsa, kashi biyu suka zo min kowa da takardarsa.

Maman Biyu: Kuɗin allo kuma? Nawa suke karɓa, a shekara ne ko duk zuwa?