Neman kalmar Hausa: me za mu kira "kanon" a kiɗan rok?

Malama Hadiza: Jama'a, ina haɗa shirin rediyo kan kiɗan rok na Amurka da Birtaniya, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: kanon. Wato faya-fayen da masu sharhi suka yi ittifaƙi su ne manya, wanda bai san su ba ana ganin bai san kiɗan ba. Me za mu ce?

Ɗan Tasha: Ba kyamara ba ce? Akwai ta a shagonmu, Malama.

Baba Audu: Bakandamiya mana, 'yata. Me ya yi zafi?

Malam Sani: Baba, da sauran gyara. Bakandamiya ta mawaƙi ɗaya ce, gwanintarsa da ya zuba a waƙa guda. Kanon kuwa wasu ne suka zauna suka tace ayyukan mutane da yawa. Ɗauki mujallar Rolling Stone, wadda Jann Wenner da Ralph Gleason suka kafa a San Francisco a 1967. Shekara da shekaru tana sharhin faifai kamar ana sharhin littafi, har a 2003 ta fitar da jerin faya-fayai 500, na Beatles, Sgt. Pepper, a sama. Da ta sake kaɗa ƙuri'a a 2020, ta faɗaɗa masu zaɓen, sai faifan Marvin Gaye ya hau na ɗaya, wancan ya gangaro na 24. Waƙoƙin ba su canza ba, alƙalan ne suka canza.

Zainab: To ai "waɗanda suka fi kasuwa" ke nan.

Malam Sani: Ko kusa. Faifan farko na Velvet Underground bai yi wani ciniki ba a 1967, amma yau yana sahun gaba, don marubuta ba su daina ambatonsa ba. Rediyo ma ta sa hannu. Tashoshin AM gajerun waƙoƙi masu tashe suke sakawa. Sai masu gabatar da shiri irin su Tom Donahue a tashar KMPX suka fara saka dogayen waƙoƙin cikin faifai a FM. Daga baya tashoshin tsofaffin waƙoƙin rok suka taƙaita jerin, suna ta maimaitawa har kunne ya ɗauka iyakarsu ke nan. Ni dai "tatattu" na fi so, don tana nuna akwai mai tacewa.

Malama Hadiza: Tana da daɗin faɗa a iska. Amma mai sauraro ba zai ɗauka ana nufin tsarkakakku ba? Ni "kundin zaɓaɓɓu" nake tunani.

Zainab: Zaɓaɓɓu kuma sai ka ce 'yan majalisa.

Baba Audu: Ku dai ku ce "kundin bakandamiyoyi", kowa zai gane.

Malama Hadiza: Ran Asabar zan gwada "kundin tatattu", Baba, in ji me masu bugo waya za su ce.