Naman raƙumi da nonon taguwa: ina suka bambanta da na shanu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likita ya ce surukina ya rage maiƙo saboda hawan jini da suga, sai maigida ya sayo naman raƙumi kilo 2 da madarar taguwa. Naman na dafa shi awa guda yana nan kamar igiya. Madarar kuma na sa mata kindirmo ta kwana, ta ƙi yin barci. Ni ce ban iya ba? Kuma da gaske sun fi na shanu amfani?

Wani mahauci daga Kano: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba laifin hannunki ba ne, tsohon amale aka yanko miki. Yawancin raƙuman da ke zuwa kwata sai sun gama aikin kaya ake sayar da su. Wanda bai wuce shekara 3 ba, idan aka dafa shi da wuya ki bambanta shi da ɗan maraƙi, sai dai ɗan zaƙi-zaƙi da za ki ji. In za a sake saye a duba launi: na yaro ja ne mai haske, na tsoho ja ne mai duhu, zarensa kauri-kauri.

Saniya kitsenta yana ratsa tsoka, shi ke sa nama laushi a tukunya. Raƙumi kuwa ya tara mafi yawan nasa a tozo, tsokar ta zama zalla. Wanda ya rage miki, ki yanka shi ƙanana, ki gitta zaren kada ki bi tsawonsa. Ki cuɗa shi da ɗanyen gwanda da citta ya yi awa ɗaya, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan awa 2 zuwa 3. Wuta mai ƙarfi ƙara ɗaure shi take yi.

Wani matashi: Anti ki ci gaba da ba Baba kawai. Raƙumi ba shi da kitse ko kaɗan, nononsa kuma maganin suga ne, kowa ya sani.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ƙanina, tsokar ce ba ta da kitse sosai. Tozon kitse ne tsantsa, irin mai daskarewa a dasashi da zarar romo ya huce, kuma shi ne irin wanda likita ya hana. Mahauta kan ɗora yankan tozo a kan nama a matsayin gyara, to 'yar'uwa, ki cire shi daga kwanon Baba.

Madarar ma akwai maiƙo, wajen kashi 3 cikin 100, bai yi nisa da na saniya ba. Sugan madara ma kusan ɗaya ne. Inda ta yi fice shi ne bitamin C, tana ninka ta saniya kamar sau 3, tana kuma da sinadarin ƙarfe fiye da ita. An yi ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna tana iya taimaka wa masu suga, amma bai kai a ajiye magani ba. Ya sha kofi ɗaya, a auna sugansa bayan awa 2, a rubuta a kai wa likita. Kuma don Allah a tafasa. Ɗanyar madarar taguwa tana ɗauke da bakkale kamar ta saniya: zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, ciwon gaɓoɓi.

Wata uwa daga Agadas: 'Yata, da nonon taguwa muka tashi. Ba ya barci kamar na saniya, ko kwana biyu ya yi tsami kawai zai yi, yana nan tsararo. Maiƙonsa ba ya tasowa sama balle ki yaɗe, shi ya sa ba kya ganin man raƙumi a kasuwa kamar man shanu. Fari ne fat, da ɗan gishiri-gishiri, ya danganta da abin da taguwar ta ci da kuma rabonta da ruwa. Ki dama fura da shi haka nan. Mu dai ɗumi-ɗuminsa muke sha daga tatsa, tsofaffinmu na cewa wuta tana kashe masa amfani.

Ma'aikaciyar jinya: Inna, gaskiya ne tafasa tana rage bitamin C. Amma dattijo mai suga, gara a rasa wannan da a kwantar da shi da zazzaɓi. Rashin barcin madarar kuwa daga furotin ɗin ne: wanda ke ɗaure madara ta yi kauri ba shi da yawa a ta raƙumi.

Wani direba: Ni ranar da na fara sha a Maigatari na shanye kwano guda, na wuni cikina yana gudawa. A fara wa Baba da rabin kofi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na cire tozon. Malam, in ban samu gwanda ba, kanwa za ta yi?

Mahaucin: Za ta sa shi laushi, amma tana sauya ɗanɗano, kuma mai hawan jini ban so a sa masa ba. Ki ƙara masa awa ɗaya a wuta.