Adam ya fi sauri, SGD ya fi cin gwaji: wanne zan riƙe?

Nura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina horar da ResNet-18 a kan hotunan CIFAR-10 don aikin kammala karatu. Na gwada hanyoyi biyu na sabunta nauyin samfurin, Adam da SGD. Da Adam, nan da nan yake haddace hotunan horo, amma a hotunan gwaji yana tsayawa wajen kashi 93. SGD mai `momentum=0.9` yana jan ƙafa da farko, ƙarshe kuma sai ya kai wajen kashi 95. Malamina ya ce in bayyana dalili. Shin SGD ne ya fi a ko'ina, ko ni ne na saita Adam ba daidai ba?

Bashir: Wa alaikumus salam. Ai wannan hadda ce kawai, samfurinka ya yi wa bayanan girma. Ka ƙara `Dropout` ka rage zagayen horo, magana ta ƙare. Adam ya fi sabunta, ban ga abin da zai mayar da mutum kan SGD ba.

Malama Hadiza: Malam Bashir, SGD ɗin ma haddace hotunan horon yake yi, kusan ɗari bisa ɗari, kuma duk da haka ya ci gwajin. To ka ga ba haddar ce ta raba su ba. Nura, kafin a yi maganar wanne ya fi, dubi abin da kowannensu yake yi wa nauyi guda `w` a taku ɗaya. `g` shi ne gangarar da aka lissafo daga rukunin hotunan da ke hannu, `lr` girman taku, `b` kuma gudun da aka tara. Ga SGD yadda PyTorch ke yinsa:

```
b = 0.9*b + g
w = w - lr*b
```

Kamar amalanke ne a gangare: in ana ta tura shi gefe ɗaya gudunsa ƙaruwa yake yi, in kuma turin yana saɓa wa juna sai ya kashe kansa. Idan `g` bai canza ba na ɗan lokaci, `b` yana taruwa har ya kai ninki goma na `g`. Shi ya sa `lr=0.1` tare da `momentum=0.9` a aikace kamar takun 1.0 ne. Abin lura shi ne duk nauyin da ke cikin samfurin `lr` ɗaya suke amfani da shi, wanda gangararsa ta fi girma shi ya fi motsawa.

Adam kuwa, wanda Kingma da Ba suka fitar a 2014, abu biyu yake ajiyewa ga kowane nauyi, `m` da `v`, `t` kuma lambar takun da ake kai:

```
m = 0.9*m + 0.1*g
v = 0.999*v + 0.001*g*g
m_hat = m / (1 - 0.9**t)
v_hat = v / (1 - 0.999**t)
w = w - lr * m_hat / (sqrt(v_hat) + 1e-8)
```

Layi na uku da na huɗu gyara ne kawai, saboda `m` da `v` daga sifili suke farawa. Layin ƙarshe shi ne gundarin zancen. Ɗauki nauyi biyu, ɗaya gangararsa 1.0, ɗayan 0.001. A takun farko SGD mai `lr=0.1` zai motsa na farko da 0.1, na biyu da 0.0001. Adam mai `lr=0.001` zai motsa dukansu da kusan 0.001, domin `m_hat` ya zama `g`, saiwar `v_hat` ta zama girman `g`, in ka raba sai ɗaya ta rage. Wato a farko Adam bai damu da girman gangara ba, inda ta fuskanta kawai yake kallo. Wannan ne sirrin saurinsa: babu nauyin da ake bari a baya.

Yanzu turo mana layukan da ka kafa su biyun da su, ina da wani zargi.

Nura: Ga su, Malama:

```
Adam(p, lr=1e-3)
SGD(p, lr=0.1, momentum=0.9, weight_decay=5e-4)
```

Na SGD ɗin na haɗa shi da `CosineAnnealingLR` na zagaye 200, yadda na gani ana yi. Na Adam ban sa masa komai ba, na ɗauka da kansa yake daidaita takunsa.

Malama Hadiza: Abin da nake zargi ke nan. Ba Adam da SGD ka gwada ba. Ka ba ɗaya abubuwa biyu da suke ƙara masa maki a gwaji, ka hana ɗayan. Adam yana daidaita taku tsakanin nauyi da nauyi, amma ba ya rage `lr` da kansa yadda horo ke tafiya. In ka bar shi a 0.001 har ƙarshe, zai yi ta tsalle-tsalle a kusa da inda ya kamata ya zauna. Dubi zanen SGD ɗinka ma, za ka ga yawancin ribar gwajin a ƙarshe-ƙarshe ta zo, lokacin da `lr` ya sauko. Sannan `weight_decay` na Adam a PyTorch sifili ne in ba kai ka sa ba.

Kada kuma ka yi saurin rubuta `Adam(p, weight_decay=5e-4)` ka ce an gama, akwai tarko a nan. A Adam na asali, `weight_decay * w` ana zuba shi cikin `g` ne, sai shi ma a raba shi da saiwar `v`. Ka ce nauyi biyu duk suna 0.5, jan da ake yi musu zuwa sifili 0.00025 ne kowanne. Wanda gangararsa ta saba kaiwa 1.0 jansa zai tsaya 0.00025. Wanda tasa ta saba zama 0.01, bayan rabawa jansa ya zama 0.025, ninki ɗari. Nauyin da ya fi kai-komo shi ake ja kaɗan, ba kuwa abin da ka nufa ba ke nan. Loshchilov da Hutter ne suka nuna wannan a 2017, suka raba jan daga gangarar, shi ne AdamW.

Adadin ma ba ɗaya ba ne. A SGD ɗinka, jan kowane taku wajen 0.1 × 0.0005 × 10 ne, wato 0.0005 na nauyin. A AdamW na PyTorch jan shi ne `lr * weight_decay`, saboda haka in ka sa 5e-4 da `lr=1e-3` za ka sami 0.0000005, tamkar ba ka sa ba. Fara da 0.05, ka gwada sama da ƙasa:

```
AdamW(p, lr=1e-3, weight_decay=0.05)
```

Ka haɗa shi da `CosineAnnealingLR` iri ɗaya, zagaye iri ɗaya, jujjuya hotuna iri ɗaya. Ina sa ran tazarar za ta ragu sosai. Ko za ta ɓace gaba ɗaya, sai ka gani da idonka.

Injiniya Kabiru: Duk da haka Malama, ni a sanina SGD ya fi a asali. Hayaniyar da ke cikin takunsa tana fitar da shi daga ramuka masu tsini, ya je ya zauna a kwari mai faɗi, wanda ɗan bambanci tsakanin hotunan horo da na gwaji ba ya girgiza shi. Adam kuwa ramin farko da ya samu yake faɗawa. Wilson da abokan aikinta sun nuna SGD ya fi cin gwaji tun 2017. Ni duk aikin da zan yi, SGD ne.

Malama Hadiza: Injiniya, rabin maganarka ina tare da kai. Aikin Wilson ɗin gaskiya ne: sun gina wata matsala mai sauƙi inda SGD ke raba aji biyu daidai, hanyoyin da ke raba taku da tarihin gangara kuwa su kai ga wata amsa daban wadda ke haddace horo ta faɗi gwaji, kuma sun ga tazara a CIFAR-10. Amma a 2019 Choi da wasu abokan aiki sun nuna cewa wanda ya ci gasar yana canzawa gwargwadon abin da aka yarda a saita. In aka bar Adam da saitinsa na asali, aka yi wa SGD hidima, an san sakamakon tun kafin a fara. Sun nuna har `eps` ɗin nan da kowa ke bari a 1e-8 yana da tasiri: in ka ɗaga shi ya rinjayi saiwar `v`, rabawar ta zama da adadi ɗaya ga kowa, Adam ya koma kusan SGD mai `momentum`.

Batun kwari mai faɗi kuma, akwai gwaje-gwajen da suka goyi bayansa, amma auna faɗin kansa ana jayayya a kai, domin za ka iya sake ma'aunin nauyin wasu layuka, samfurin ya ci gaba da ba da amsa iri ɗaya, tsinin da kake aunawa ya canza. Nura, in za ka rubuta shi, rubuta shi a matsayin bayanin da ake zato. Sannan ConvNeXt na 2022 samfurin hotuna ne, da AdamW aka horar da shi a ImageNet. "Duk aiki SGD" ya yi yawa.

Zainab: Ni nawa akasin na Nura ne. Ina gyara samfurin harshe XLM-R don rarraba kanun labaran Hausa, na ji ana yabon SGD na gwada, asarar ta ƙi sauka yadda ya kamata ko a kan bayanan horon. Da na ɗaga `lr` sai ta haukace. Na koma AdamW da `lr=2e-5` komai ya tafi daidai. Me ya sa ni bai yi mini ba?

Malama Hadiza: Zainab, taki matsalar ba ta kai ga gwaji ba ma, a horon SGD ya kasa. Tuna nauyin nan biyu na sama. A rubutu, "da" da "na" da "ya" suna cikin kusan kowace jimla, kalma irin "ƙyanƙyasa" kuwa sai a yi rukuni da yawa ba a gan ta ba. Gangarar abin da ya shafi kalmomi masu yawa babba ce, ta marasa yawa 'yar mitsitsi. Haka sassan samfurin ma, girman gangararsu ya bambanta ƙwarai. SGD `lr` ɗaya gare shi: in kin rage don masu babbar gangara kada su watse, ƙanana ba sa motsi, in kin ɗaga don ƙanana, manya su watse. Abin da kika gani ke nan. Adam yana raba kowa da nasa ma'aunin. CIFAR-10 kuwa aji goma ne, kowanne hotunan horo 5,000 cif, ga `BatchNorm` yana daidaita layukan, shi ya sa `lr` ɗaya ke isar kowa. Har yanzu masu bincike ba su daidaita kan wane dalili ya fi ƙarfi ba, wasu sun ɗora wa irin hayaniyar gangarar, wasu rashin daidaiton kalmomin. Ke dai ci gaba da AdamW, ki fara `lr` daga ƙasa ki ɗaga shi a hankali a takun farko-farko, saboda a lokacin `v` bai ga isassun gangara ba.

Injiniya Kabiru: Na yarda da na rubutun. Amma a ResNet ɗin Nura ina nan kan bakana, ko ya gyara AdamW, SGD zai ɗan fi. Kuma ya fi sauƙin ƙwaƙwalwa, lamba ɗaya yake ajiyewa ga kowane nauyi maimakon biyu.

Malama Hadiza: Mai yiwuwa ka yi gaskiya, ba zan yi musu ba. Sai dai Nura, in tazarar ta ragu zuwa 'yar kaɗan, kada ka yanke hukunci da horo ɗaya. Canza `seed` kawai yana iya motsa makin da 'yan ɗigo. Yi kowanne sau uku aƙalla, ka ba su damar gwada `lr` adadi ɗaya. Kuma ka ware wasu hotuna daga na horo, kamar 5,000 cikin 50,000 ɗin, ka zaɓi saiti da su. In da hotunan gwaji 10,000 kake zaɓa, makin da za ka kai wa malaminka ya riga ya kumbura.

Nura: Allah ya saka da alheri, Malama. Da na gwajin nake zaɓa, zan ware tun yau. Tambaya ɗaya ta rage: `weight_decay` ɗin har a kan nauyin `BatchNorm` da `bias` zan sa, ko in cire su?

Malama Hadiza: Da yawa suna cire su, musamman a AdamW. Ko wanne ka zaɓa, yi wa su biyun iri ɗaya, ka kuma rubuta shi a rahotonka.