Hoton endoskofin Babanmu ya hana ni barci

Salam 'yan uwa. An zura wa Babanmu kyamara a ciki saboda bayan gidansa ya koma baƙi. Wani hoto akwai farin rami da ɗigon baƙi a tsakiya, wani ko'ina ja, na ƙarshe jini na gangarowa. An rubuta Forrest IIc. Wai har yanzu jinin na zuba ne? Ko kansa ce, wato ciwon daji?

Wata uwa: Wayyo sannu. Ni ma nawa jajir ya fito aka ce kumburi ne, na sha omefirazol na warke, ki siyo masa kawai.

Mai aiki a ɗakin endoskofi: Hajiya naki daban ne, nasa ya yi jini. Ƙanwata farin ramin nan shi ne olsar, kuma farin ba ruɓa ba ne, shimfiɗa ce da ke rufe gindin gyambo. Ɗigon baƙin tabon inda ya yi jini ne ya tsaya, shi ne IIc ɗin, in dai shafe yake bai taso ba da wuya ya sake ɓallewa shi ya sa yawanci ba a ƙona shi ko a maƙala masa kilif ɗin matse jijiya, magani ake bayarwa. Wanda ke tada mana hankali shi ne a ga jini na tsartuwa, ko kan jijiya ya turo kamar ɗan ƙurji a cikin ramin. Hoton ƙarshen kuma duba takardar ko an ce an ɗau bayofsi, don in aka tsinko nama wurin sai ya ɗan yi jini na ɗan lokaci, kuma da yawa ana ɗaukar hoto a lokacin.

Mai tambaya: Eh Anti an ɗauka, sun ce mu jira sakamako.

Ɗalibin likitanci: To in gefen ramin sumul yake zagayayye ba kansa ba ce, ta kansa gefenta tudu-tudu ne ba tsari. Ki kwantar da hankali.

Mai aiki a ɗakin endoskofi: Galibi haka ne amma kar ka yanke mata hukunci da hoto ɗaya, akwai kansar da ke fitowa sumul, kuma likita ya ga wurin yana motsi ta ɓangarori da yawa mu kuwa tsayayyen hoto muke gani. Shi ya sa olsar tumbi ake sake leƙa ta bayan sati 8 zuwa 12 a ga ta rufe. Jan ma ba ya faɗin dalili, sai bayofsi ya nuna ko ƙwayar cutar H. pylori mai jawo olsar ce. Yana shan diklofenak ko asfirin?

Mai tambaya: Diklofenak kullum saboda gwiwa.

Mai aiki a ɗakin endoskofi: Ya ajiye shi yau don yana jawo olsar da zubar jini, ku gaya wa likitansa. In ya yi aman jini, ko jiri, ko baƙin bayan gidan ya dawo, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Wata uwa: To gwiwar fa, me zai sha mata?