Wane kiɗa ne zai dace da taku 150 a gudun sassafe?

Jama'a, ina neman shawararku kan wani ɗalibina a nan Birnin Kebbi, sabon shiga ne a gudun sassafe. Bayan sallar asuba yake fita, ya yi minti 25: gudu na minti 2, tafiya ta minti 1, haka har ya gama. Na ƙirga takunsa, yana yin kusan 150 a minti guda. Kiɗan na'ura mai saurin nan kuwa ba ya ƙaunarsa ko kaɗan, ya ce kansa yake sara masa.

Dabarar da na sani ita ce a samo waƙa mai bugu 75 a minti, ya riƙa taku biyu a kan kowane bugu. Ana ƙirga bugun na daƙiƙa 15 a ninka sau 4, idan ya faɗa 18 ko 19 to ta yi.

Na gwada masa kiɗan dambe da na noma. Ƙarfi akwai, sai dai makaɗan ba sa tsayawa a sauri ɗaya. Da an shiga kirari kalangu ya zabura, shi ma sai ya zabura, kafin minti 10 ya fara haki har ba ya iya magana. Kiɗan fada na kotso da taushi kuma natsuwarsa ta yi yawa, ƙafa sai ta mutu.

To don Allah masana, wane kiɗan gargajiya ne bugunsa ke zama daram tsakanin 72 da 78 na aƙalla minti 5? Ko kuwa na dambe zan bar masa, in yanke wuraren kirarin?