Wa za a fara sallama: wanda ya riga zuwa ko mai uzuri?

Aminu Pantami: Jama'a, ni na gama yanke hukunci. Layin FIFO, wato wanda ya fara shiga shi ke fara fita, ya tsufa. Duk manhajar da ke jera ayyuka a layi, a sa mata fifiko kawai a huta. Mai ja ya fito.

Hauwa: Kai Aminu, da sanyin safiyar nan? Me FIFO ya yi maka?

Aminu Pantami: Manhajar wata makaranta nake kula da ita nan Gombe. Ranar fitar da sakamako suka tura saƙon tes 12,000 ga iyaye. Kamfanin da ke aika mana saƙo guda 10 yake karɓa a daƙiƙa, wato sai an yi minti 20 layin zai ƙare. Duk wanda ya nemi lambar shiga a lokacin, tasa tana bayan dubu sha biyun nan, alhali minti 5 take yi ta mutu. Kafin ta iso ba ta da amfani.

Injiniya Sani: A wannan kam kana da gaskiya. FIFO bai san komai ba sai lokacin isowa. Amma "duk manhaja" da ka ce, a nan muka rabu. Ka ɗauka ka ba lambar shiga fifiko, sai iyaye suka ruɗe suna ta danna "sake turowa" har buƙatun suka kai 10 a daƙiƙa. Saƙon sakamako ko ɗaya ba zai fita ba muddin hakan na ci gaba, domin kullum akwai wanda ya fi shi a gaba. Abin haushin, ba kuskuren da zai bayyana a allo. Sai ka duba tsawon lokacin da aiki mafi daɗewa ya yi a layi, ka ga yana ta hawa, sannan za ka gane.

Hauwa: Kamar wurin injin niƙa ne. In mai injin na ta karɓar na masu gaggawa, yarinyar da ta zo tun asuba sai ta kai azahar da kwanonta.

Bello Kumo: Ni dai in layi na tsawo, a ƙara wa sabar ƙarfi mana. Haka na yi da tawa, ta warke.

Hauwa: Malam Bello, ba sabar ce ta gaza ba. Kamfanin saƙon ne ya ƙayyade 10. Ko goma ka sayo, ƙofar fita ɗaya ce.

Aminu Pantami: To Injiniya, ai akwai maganinsa. Aikin da ya daɗe yana jira a riƙa ɗaga masa matsayi.

Injiniya Sani: Akwai, amma manhajar riƙe layi irin RabbitMQ ba ta yin hakan da kanta, kai za ka rubuta. Kuma da me kake aiki?

Aminu Pantami: Celery da RabbitMQ. Na sa `x-max-priority` jiya, amma har yanzu wani lokaci lambar kan makara kusan minti biyu.

Injiniya Sani: Yawwa. Fifiko yana aiki ne kan abin da ke cikin layi kawai. Abin da ma'aikaci, wato ɓangaren Celery da ke ɗaukar aiki daga layi ya aiwatar, ya riga ya kwasa ya fita daga hannun fifiko. Celery kuwa yakan kwaso ayyuka 4 ga kowane ma'aikaci tun kafin ya buƙace su. In kana da 8, ayyuka 32 ke nan a riƙe. Da saƙon tes ne duka, daƙiƙa uku sun wuce. Amma in takardun sakamako kake haɗawa a layin nan, kowace na cin daƙiƙa 30, zagaye huɗu minti biyu ne cif. Gwada wannan:

```
worker_prefetch_multiplier = 1
task_acks_late = True
```

Ko da haka, aikin da aka fara ba a katse shi. Lambar za ta iya jiran daƙiƙa 30.

Aminu Pantami: Wallahi takardun a layin suke.

Hauwa: Shi ya sa ni ba na wannan wahalar. Layi biyu nake yi, kowanne FIFO, kowanne da ma'aikacinsa. Lambar shiga ta samu 2 a daƙiƙa, saƙon iyaye 8. Dubu sha biyun su ƙare a minti 25 maimakon 20, ba wanda ya mutu.

Aminu Pantami: Hajiya, ai wannan ma fifiko ne, kin sauya masa riga kawai. Kuma in ba mai neman lamba, biyun nan sun tafi a banza. In masu nema sun wuce 2 a daƙiƙa kuma fa?

Injiniya Sani: Sai nata layin ya taru shi ma, ba musu. Bambancin shi ne ita ta tabbatar ba layin da zai tsaya cik. Sannan FIFO na da abin da ba a so a rasa: in ka jera "cire kuɗin makaranta" sannan "tura rasit", ka ba rasit fifiko, yana iya riga cire kuɗin fita.

Hauwa: Ko a FIFO ɗin ma, Injiniya, in ma'aikata sun fi ɗaya, na biyu na iya riga na farko gamawa.

Injiniya Sani: Haka ne, tsarin ɗauka yake tabbatarwa, ba na gamawa ba.

Aminu Pantami: Takardun zan fitar zuwa nasu layin yau. Amma saƙonni suna nan a kan fifiko, sai na ga abin da ranar sakamako mai zuwa za ta nuna.