"Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi": ya dace a wasiƙar saniya mai kumburi?

Ɗan Ruga: Jama'a, kawuna ne ya sa na rubuta masa wannan zuwa ga malamin dabbobi. Shanun wani attajiri yake kiwo. "Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Farar saniyar nan yau kwana uku ba ta ci, ba ta tuƙa. Cikinta ya kumbura ta hagu, yana saɓewa kaɗan ya dawo. Kashinta ɗan kaɗan ne, a bushe. Tun ƙarshen damina take ramewa. Na ba ta kanwa, ban ga sauƙi ba. Mai shanu yana cewa na bar ta ta shiga gonar wake. Ni dai ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi." To, karin maganar nan ta zauna daidai a nan kuwa?

Na Bakin Kasuwa: Ni a fahimtata kawu gargaɗi yake yi wa likita kada ya huda masa saniya. Kuma yana da hujja. Na ga an soka wa wata wuƙa a kwiɓi a ƙauyenmu, iska ta fita, amma wurin ya ruɓe, ƙarshe mahauta suka ɗauke ta a wulaƙance.

Malamar Hausa: A'a ɗan'uwa, ka ɗauki zancen a baibai. Cikin da ake nufi na kawu ne, ba na saniya ba. Maganar wanda ake tuhuma ce, yana cewa a bincika duk yadda za a bincika, babu abin da zai same shi. Ta wannan fuskar ta zauna. Abin da ban so ba shi ne wurin da aka ajiye ta. Malamin dabbobi ba alƙali ba ne. Kawu ya faɗa wa mai shanu wannan, likita kuma a ba shi labarin ciwo kawai.

Tsohon Malamin Dabbobi: Malama, a nan zan ɗan saɓa miki. A wurinmu zargin gonar waken nan yana cikin labarin ciwo, domin tambayar farko da muke yi ita ce me ta ci, kuma yaushe. 'Yan kiwo da yawa kan ɓoye amsar don tsoron mai dukiya, sai mu yi ta maganin abin da ba shi ba ne.

Kuma wasiƙar da kanta ta wanke kawu. Kumburin ɗanyen ganyen wake, musamman idan dabba ta afka masa da yunwa da safe raɓa ba ta bushe ba, kumfa yake yi a tumbi. Iskar ta cakuɗe da abinci, saniya ta kasa gyatsa. Kwiɓin hagu ya tashi har ya wuce ƙashin ƙugu, in ka buga shi ya amsa kamar ganga, ta buɗe baki tana haki, tana harbin ciki. Wannan cikin 'yan awoyi yake kashewa. Ba ya jiran a rubuta wasiƙa, balle a kwana uku. Saniyar da take ramewa tun damina, kashi kaɗan, kumburi yana tafiya yana dawowa, wani abu ne ya daɗe zaune a tumbinta. Ɗan Ruga, tambayi kawu: shanun nan suna bi ta juji ko bayan kasuwa? Sannan ya dunƙule hannu ya danna ƙasan kwiɓin hagu, ya gaya mana ko ya ji tauri. Ya kuma ɗora hannun a ramin kwiɓin hagu, ya bar shi minti 2. Tumbi mai lafiya zai motsa sau 2 ko 3 a wannan lokacin.

Hajiya Mai Kiwon Gida: Baba ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Tunkiyata haka ta yi ta bushewa, ciki kuwa ƙato, har maƙwabta na yi mini barka wai juna biyu ne. Da aka yanka, leda ce dunƙule guda da igiyar buhu a ciki. Tun daga nan ban ƙara sakin dabba a layi ba. Amma ku ba ta man gyaɗa mana, kwalba guda, shi muke ba namu.

Tsohon Malamin Dabbobi: Hajiya, man gyaɗa maganin kumfa ne, kuma yana aiki sosai a can: kamar rabin lita ga babbar saniya, a tsayar da ita gabanta a kan tudu, a gitta mata kara a baki ta yi ta taunawa. Leda kuwa mai ba ya narkar da ita, kanwa ma haka. Kuma ɗura tana da haɗarinta. Idan aka ɗaga kai sama sosai ko aka ja harshe, man sai ya bi ta huhu, a warkar da ciki a jawo ciwon huhu. In kuwa ƙwallon mangwaro ko guntun rogo ne ya maƙale a maƙogwaro, za ka ga yawu na dalala tana miƙa wuya, to nan ko ruwa kada a ɗura.

Na Bakin Kasuwa: To Baba, hudawar fa? Kenan kuskure aka yi a ƙauyenmu?

Tsohon Malamin Dabbobi: Ba lallai ba. In saniya ta faɗi tana shirin mutuwa, huda ta ya fi kallon ta. Amma akwai wurinsa, tsakiyar ramin kwiɓin hagu tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, kuma da ƙarfen huda mai bututu ake yi, a bar bututun a ciki. Wuƙa kan bar ƙazantar tumbi ta zuba cikin ciki, shi ya sa taku ta ruɓe. Kafin a kai nan ma muna fara zura tiyo ta baki. In iska ce zalla, nan take take fita.

Ɗan Ruga: Na kira kawu. Ya ce ta bayan kasuwar ƙauye suke bi zuwa mashaya kullum, kuma farar ita ce mai kwaɗayin lasar ledar gishiri. Ya danna, ƙasan da tauri, motsi kuma da ƙyar ya ji sau ɗaya.

Tsohon Malamin Dabbobi: To ka ƙara waɗannan a wasiƙar, ka kuma kira likitan a waya yau, kada ku jira takarda. Shi zai tabbatar da hannunsa, don ƙusa ko waya da ta haɗiya ma kan kawo rama da kumburi mai dawowa. In leda ce, sai tiyata: a kashe zafin wurin, a tsaga kwiɓin hagu tana tsaye, a kwashe, a ɗinke. Wadda ba ta riga ta kwanta ba ta fi samun tashi.

Na Bakin Kasuwa: Ashe dai wuƙar za ta yi aiki! Cikin kawu ya tsira, na saniya bai tsira ba.

Malamar Hausa: Ni har yanzu ban sauka ba. Kawu ya yi gaskiya a kan gonar wake, amma wa yake kora su ta juji kullum? Karin maganar ta mai gaskiya gaba ɗaya ce, ba wanda ya kuɓuta daga zargi ɗaya ba. Da ni ce, "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo" zan sa, don likita ya san bayanin na wanda yake kwana da dabbar ne.

Hajiya Mai Kiwon Gida: Haba Malama, hanyar mashaya ai ba kawu ya shata ta ba, kuma ba shi ya watsa ledar ba. Mu ne 'yan kasuwar.

Ɗan Ruga: Likita ya ce zai shigo gobe da safe, a ba ta ruwa kawai, a daina kanwar. Mai shanu kuma ya fara maganar a kira mahauci tun tana da nama, wai kuɗin aiki zai yi yawa. Kawu ya ƙi, ya ce ita ce ta fi duka garken nono. Karin maganar kuma ya ce kada in goge.